"Ya Karɓa" Ko "Shi Amsa": Layi Biyar A Ƙasan Hoton Inna

Duk wanda ke da ƴan uwa tsakanin Ƙonni, Malbaza da Illela ya san yadda wayarsa ke zama makonni biyu ko uku bayan Sallar Layya. Jiragen alhazai sun fara sauka Yamai, motoci sun ɗauko hanya, sai hotuna su cika WhatsApp: farar abaya, Ka'aba a baya, hannuwa sama. A ƙasan kowane hoto kuma akwai ɗan rubutu, layi biyu ko uku. Yawancinmu hoton muke kallo mu wuce. Ni kuwa, tun da karatun kimiyyar harshe ya ɓata mini ido, rubutun nake tsayawa in karanta, domin a nan ne mutum ke faɗin abin da yake so a ɗauke shi.

Abu na farko da na lura da shi: sau da yawa ba mai hoton ce ta yi rubutun ba. Iyayenmu mata da yawa ba su yi boko ba, saƙon murya suke aikawa. Ɗiya ce ko jika ke karɓar waya ta rubuta da sunansu. To ɗiya tana alfahari da uwarta, kuma tana da gaskiya. Amma abin da ɗiya za ta faɗa a kan uwarta daban, abin da uwar za ta iya faɗa a kan kanta daban. In aka sa maganar ɗiya a bakin uwa, sai yabo ya koma yabon kai ba tare da kowa ya yi nufin haka ba.

Zan ba da labarin guda ɗaya da aka yi a gabana, na Inna, ƙanwar mahaifiyata. Tana zaune a wani gari kusa da Galmi, sana'arta albasa: ta saya lokacin da ake cira tana arha, ta adana a rudu, ta sayar in ta yi tsada. Da wannan da adashe ta tara kuɗin kujera, wanda a lokacin ya haura miliyan 3 na sefa. Ta yi aikin hajjin 2024. Kowa ya san wace shekara ce wannan. An yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga Yuni, zafi a Makka ya wuce digiri 50 a kwanakin, kuma hukumomin Saudiyya da kansu sun ce mutum 1,301 suka rasu. Mu da ke gida, duk ranar da wayarta ba ta shiga ba, ba mai cin abincin kirki. Saboda haka da ta dawo, sanar da mutane ba ado ba ne. Akwai dangi a Badagishiri, akwai na Tawa, akwai waɗanda ke ci-rani Abija da Legas, duk suna jiran su ji ta iso da ƙafarta.

Ɗiyarta ta fari ce ta fara rubutawa, kuma ta karanta mata kafin ta saka. Ga abin da ta rubuta:

"Alhamdu lillahi na sauke farali. Hajiya ta dawo! Allah ya karɓi aikina. Na yi kuka sosai a gaban Ka'aba. Waɗanda ba su je ba Allah ya kai ku."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Irinsa ɗari za ku gani a wayoyinku. Amma Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "Wanga ba maganata ba ta." Ta juyo wurina: "Kai da ka karatun magana, zamna ka gyara muna." Na ce, "Inna, ku faɗi, ni in rubuta." Mun kai kusan awa ɗaya a kan layi biyar, ana ta shigowa barka da zuwa, ana miƙa zamzam a ɗan ƙaramin kofi, muna tsayawa muna ci gaba.

Inda ta fara tsayawa shi ne "Allah ya karɓi aikina", kuma wannan ne wurin da ya fi burge ni, don matsala ce ta rubutun Hausa kanta. Ɗiyar da ta karanta jimlar da ƙarfi, cikin sauri da murna, ta ja wasalin: yaa karɓi. Inna ta ce, "Wa ya gaya miki ya amsa? Ke kin gani?" Ɗiyar ta ce ai addu'a ta rubuta. Dukansu biyu suna da hujja. A baki, Hausa na da "ya" fiye da ɗaya. Akwai mai dogon wasali da karin sama, wanda ke nuna abu ya riga ya faru, kamar a "ruwa ya sauka jiya". Akwai kuma mai gajeren wasali da karin ƙasa, na fata da umarni, kamar a "Allah ya kiyaye hanya". Kunnen Bahaushe ba ya taɓa haɗa su. Amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, sai duka biyun suka zama harafi biyu iri ɗaya. Saboda haka "Allah ya karɓi aikina" a rubuce tana iya zama roƙo, tana kuma iya zama labari, wato mai magana na shelar cewa an riga an karɓa. Tsakanin waɗannan biyun akwai nisan da ya fi na Ƙonni da Makka. Alhaji ba shi da takardar shaidar karɓuwa. Abin da yake da shi fata ne.

A da can, bayan taron Bamako na 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, a Nijar an daɗe ana ninka wasali in dogo ne, sai a rubuta "yaa". Da wannan tsarin ya ɗore, da rikicin bai taso ba. Yanzu dai mun bi daidaitacciyar ƙa'ida, mahallin magana ne ke raba gardama, kuma yawanci yana rabawa. Masu karatu tara cikin goma za su ɗauki jimlar a matsayin addu'a. Sai dai jimlar da ke gabanta ita ce "Hajiya ta dawo", wadda labari ce, kuma kunne na son ya ci gaba da karin da ya fara. Shi ya sa bakin ɗiyar ya zame.

Maganin bai fito daga littafin nahawu ba, daga bakin Inna ya fito. Ta ce, "Sa: Allah shi amsa." A Hausarmu ta yamma, ta Ƙonni da Adar da Sakkwato, lamirin fata na namiji "shi" ne: Allah shi kiyaye, Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba da haƙuri. Ba wanda zai karanta "Allah shi amsa" ya ɗauka an ce ya riga ya amsa. Karin harshen da wasu abokanmu ke yi wa dariya a jami'a, suna kwaikwayon "munka" da "sunka", a wannan gurbin ya fi daidaitacciyar Hausa fayyace magana a rubuce. Ni dai tun ranar, in addu'a zan rubuta, "shi" nake sawa, ko da sauran rubutun na Kananci ne.

Sai ta koma kan "aikina". Ta ce a mai da shi "muna", wato mana. Na tambaye ta dalili, don ina zargin ko kunya ce kawai irin ta manya, waɗanda ba su son cewa "ni". Ta ce a'a. Ta ce a Muzdalifa ƙafarta ta kumbura, wata mata daga wajen Madawa ce ta tsinto mata tsakuwar jifa tare da tata, kuma ita ta riƙe mata hannu har wurin jifa. "In nic ce aikina, ita fa?" Wannan ya nuna mini cewa zaɓin wakilin suna ba koyaushe salo ba ne. Wani lokaci "mu" ta fi "ni" gaskiya kawai.

Haka "na sauke farali" ta fita. A nahawu, aikau shi ne wanda jimla ta ɗora wa aikin. "Na sauke farali" ta sa mai magana a kujerar aikau, ta mai da hajji kaya da ta ɗauka ta ajiye da ƙarfinta. Ba haramun ba ne, haka ake faɗa ko'ina. Amma ku saurari tsofaffi in suna maganar Makka: "an kira ta", "Allah ya nufe ta da zuwa", "ta samu kira". A bakinsu mai tafiya karɓau ce, wani ne ya yi aikin a kanta. Inna ta zaɓi abin da ya fi wannan ma sauƙi: "mun iso gida lahiya". Labarin da dangi ke jira ke nan, ba wani ba.

Kalmar "Hajiya" ba mu daɗe a kanta ba. Daga Larabci take, kamar "Alhaji", wanda ya shigo Hausa da "al" ɗinsa manne, yadda alƙali da alƙalami da albasar Inna suka shigo. Amma kalmar ta yi tafiya tun zuwanta. Yau a kasuwar Ƙonni duk macen da ta sha lesi mai tsada Hajiya ce, ko ba ta taɓa ganin filin jirgi ba. Laƙabin ya ɗauki warin kuɗi. Ga shi kuma suna ne da mutane ke kiran ka da shi, ba wanda kake kiran kanka ba. Kowa a gidan Hajiya yake ce mata tun da ta sauka daga mota, kuma tana amsawa. Ta dai ƙi ta sa shi da hannunta.

Inda muka yi gardama ta gaske shi ne kukan. Ɗiyar ta ce ai shi ne zuciyar rubutun, in an cire shi saura sanarwa kamar ta gidan rediyo. Ni ma na goyi bayanta da farko, don na ga Inna na son ta faɗi wani abu na abin da ta ji, ba isowa kaɗai ba. Inna ta ce, "Kukan da niy yi, na san wanda niy yi ma shi. In na kai shi kasuwa, mi ya rage mini?"

A nan ne kalmomi biyu da malamai ke ambata suke da amfani, kuma asalinsu ya bayyana su. "Riya" daga tushen Larabci na gani take: yin ibada don a gan ka. Tana da ƙanwa da ba a cika ambata ba, "sum'a", daga tushen ji: ka yi ibadarka kai kaɗai, daga baya ka ba da labari don a ji. Hoton da aka ɗaga hannuwa gaban Ka'aba, alhali wani na tsaye da waya yana cewa "ɗan juyo kaɗan", yana kusa da ta farko. Rubutun ƙasan hoto kuwa filin ta biyu ne, domin shi kullum bayan an gama yake zuwa. Malamai na kiran riya ƙaramar shirka, kuma mace da ta kwashe shekaru tana juya albasa a rudu don ta je, ba za ta so ta zubar da ladan a layi ɗaya ba. A ɗaya gefen kuma, ƙarshen Suratud Duha umarni ne da a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Ke nan shiru ma ba shi ne kaɗai hanyar tsira ba. Tambayar ita ce: labarin ni'imar ake bayarwa, ko labarin wadda aka yi wa ni'imar?

Na ce mata, "To Inna, ban da kuka, mene ne ya tsaya muku a rai?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce Safa da Marwa. Ga waɗanda ba su riƙe ba: bayan ɗawafi ana tafiya tsakanin duwatsun nan biyu sau 7, jimilla wajen kilomita 3, ana tuna Hajara, matar Annabi Ibrahim, lokacin da take kai da komo tana neman ruwa ga jaririnta Isma'ila. Yanzu wurin rufe yake, da sanyin na'ura da daɓen marmara, kuma akwai wani yanki mai koren fitilu inda maza ke sassarfa, mata su ci gaba da tafiyarsu. Inna ta ce a zagaye na huɗu ko na biyar, ƙafa ta yi nauyi, sai ta tuna uwarta, kakata, da tulu a kai da goyo a baya, tana zuwa rijiya tun duhun asuba a shekarun fari. Ta ce sai ta ga ashe wahalar da ta tashi tana gani a gida, wadda ba mai ƙirga ta a bakin komai, ita ce Allah ya sa miliyoyin mutane, har sarakuna, su maimaita da ƙafafunsu. "Nan na niy yi kukan ma," in ji ta, "ba gaban Ka'aba ba."

Wannan muka sa, ba tare da kukan ba: "Tsakanin Safa da Marwa na tuna da uwayenmu mata da ka tahiya neman ruwa." Ku duba yadda jimlar ke aiki. Akwai "na" a ciki, ba ta ɓoye kanta ba. Amma aikatau ɗin "tuna" ne, kuma "tuna" na tura idon mai karatu gaba, zuwa ga abin da aka tuna. "Na yi kuka sosai" tana tsayar da ido a fuskar mai magana. Abin da mai karatu zai iya cewa kawai shi ne "kai, Hajiya akwai imani". Jimlar Inna kuwa, duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu yana da tasa uwar da tulu a kai. Ya karanta ya tafi wurin tasa. Abin da ta ji ya isa gare shi, ba tare da an ce masa ya auna zurfin imaninta ba. In da zan ba wani ma'auni ɗaya na irin wannan rubutu, shi ne ya tambayi kansa wace amsa jimlar ke roƙo: "amin" da "Allah sarki", ko "ma sha Allah Hajiya".

Layin ƙarshe na ɗiyar, "waɗanda ba su je ba Allah ya kai ku", shi ne wanda kowa zai rantse ba shi da aibi. Addu'a ce mai kyau. Amma Inna na da maƙwabciya, abokiyar adashenta ta shekaru, wadda suka fara tari tare. Ciwon mijinta ya cinye nata kuɗin. Tana da waya, ɗanta na karanta mata. Jimlar ta raba mutane gida biyu, "ni" da na je da "ku" da ba ku je ba, kuma ta sa mai magana a tudu tana miƙo addu'a ƙasa. Inna ba ta yi wannan bayanin ba, cewa kawai ta yi, "Wance za ta ji." Aka cire. A madadinsa ta sa abin da ya fi damunta. Kafin ta tafi, mutane sun yi ta zuwa sallama, kowa da saƙonsa: wadda ba ta samu haihuwa ba, mai ɗa a Libiya da aka daina jin ɗuriyarsa, mai jarrabawa. Wasu har da ɗan abin da suka damƙa mata na guzuri. Waɗannan bashi ne a wuyanta, kuma suna da haƙƙin su san ta biya. Ga yadda rubutun ya tsaya:

"Alhamdu lillahi, mun iso gida lahiya. Tsakanin Safa da Marwa na tuna da uwayenmu mata da ka tahiya neman ruwa. Waɗanda sunka ba ni saƙon addu'a, na isar. Allah shi amsa muna baki ɗai. Wanda nib ɓata ma rai shi yahe mini."

Hoton da ta yarda a sa ba na Harami ba ne. Na tsakar gida ne, tana zaune kan tabarma, jarkar zamzam mai lita 5 a gefenta, ƙafar da ta kumbura a miƙe.

Kada wani ya ɗauka ina cewa nahawu na gano riya. Ba ya ganowa. Riya a zuciya take, kuma mutum na iya koyon duk dabarun nan, ya cire "ni", ya sa "mu", ya rubuta "ni ba kowa ba ce, baiwar Allah mai yawan zunubi", alhali yana leƙa waya kowane minti biyar ya ga mutum nawa suka kalla. Ƙanƙan da kai ma ana yin ado da shi, kuma a ganina ya fi na lesi wuyar ganewa. Haka kuma matar da ta rubuta "Hajiya ta dawo!" da alamar motsin rai uku tana iya zama mai tsarkin zuciya da murna ta yi wa yawa, shekara goma tana tari, a bar ta ta yi murnarta. Abin da nazarin jimla ke iya nunawa ƙarami ne: inda kalmomi ke tura idon mai karatu, da wanda za su iya taka wa ƙafa. Niyya ba ta cikin abin da muke rarrabawa a allo.

Akwai ma tambayar da har yanzu nake juyawa. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suna shekaru a hanya, in sun dawo ba su da hoto, amma duk gari ne ke fita tarbo. Daga baya aka yi zamanin haƙorin Makka, wanda duk murmushi sanarwa ce. Ke nan nuna an je ba waya ce ta kawo shi ba. Bambancin da nake gani shi ne, tarbo mutane ne ke yi maka, kana zaune ana zuwa. Rubutun ƙasan hoto kuwa kai ne mai shelar kanka, ga mutanen da ba ka ganin fuskarsu balle ka sassauta murya in ka ga ran wani ya sosu. A zaure, Inna za ta ga maƙwabciyarta ta shigo ta canza zance. A waya dole ta tuna da ita tun kafin ta buɗe baki.

Maƙwabciyar ta zo da la'asar, bayan taron ya ragu. Ɗanta ya riga ya karanta mata. Ba ta ce komai a kan hoton ba. Ta zauna, ta sha zamzam, aka ba ta dabino da tasbaha, sannan ta ce, "Kin ce kin isar. Har da nawa?" Inna ta ce, "Naki Arfa niy yi shi, da sunan maigidanki." Sai suka shiga zancen farashin buhun albasa, wanda ya tashi tun tana can.